'Yata Tana Ɓoye Biskit a Ƙarƙashin Katifa

Assalamu alaikum Anti. 'Yata shekararta tara. An auna su a makaranta, nas ta rubuto min cewa nauyinta kilo 41, tsayinta santimita 136, wai ta wuce layi, in kai ta asibiti. Bara kilo 33 take. Babanta yana kiranta da buhun shinkafa, shi a wajensa wasa ne. Surukata da muke zaune tare ta ce jikin gidansu ne, ƙiba lafiya ce, kullum tana ƙara mata abinci. Ni kuma na rage mata na dare, na hana ta kayan zaƙi, ƙanenta siriri yana ci a gabanta. Makon jiya na tarar da ledojin biskit a ƙarƙashin katifarta. Ta daina shiga wasanni a makaranta, bayan wuyanta ya yi baƙi, duk dirzar da nake yi ba ya fita. Yaya zan yi ban karya mata zuciya ba?

Wata uwa daga Kubwa, Abuja

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya raya miki su, ya yi musu albarka.

Abu na farko da zan roƙe ki, tun daga daren yau ki mayar mata da abincin darenta yadda ake zuba wa kowa, kuma ki ajiye soson nan. Na san don ƙauna kika yi duka biyun. Sai dai yaron da ya kwana da yunwa yana kallon ɗan'uwansa na ci, abin da zai koya shi ne ya ci a ɓoye, da sauri, ya cika cikinsa kafin a gan shi. Yarinyarki ba ɓarauniya ba ce, yunwa ce da kunya suka haɗu mata. Idan kina son ki taɓo maganar ledojin, ki zauna da ita ku biyu ki ce, "Na ga kina jin yunwa da dare, daga yau idan kin ji ki faɗa min, mu ci tare a falo." Ba tuhuma, ba wa'azi, kuma kada babanta ko ƙanenta su ji labarin.

Baƙin bayan wuyan nan kuwa, idan fatar ta yi ɗan kauri, tana da laushi kamar karammiski, wataƙila ma akwai irinsa a hammata, to da wuya ya zama dauɗa. Yakan fito ne idan jiki ya fara jin wuyar amsa sinadarin insulin, wanda ke kai sukari daga jini zuwa tsoka, sai jikin ya riƙa samar da shi da yawa. Ba yana nufin tana da ciwon sukari ba, amma alama ce da likita zai so ya gani da idonsa. Sabulu ba ya cire shi, man bilicin kuma ƙara lalata fatar zai yi. Yakan dusashe a hankali idan jiki ya daidaita. Ki faɗa mata da bakinki cewa ba ƙazanta ba ce, domin na tabbata ta daɗe tana zaton laifinta ne.

Yanzu mu duba takardar nas, ki san abin da ke cikinta kafin ki shiga wurin likita. Nauyi kaɗai ba ya gaya mana komai game da yaro, sai an haɗa shi da tsayi da shekaru da jinsi. Awon da ake amfani da shi, wanda za ki ga an rubuta BMI a katin, ana samun sa ne idan an raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau kansa. Na 'yarki ga shi: 41 ÷ (1.36 × 1.36) = 22.2. A nan ne iyaye da yawa suke ruɗewa, don sun ji an ce babba sai ya kai 25 ake cewa ya yi nauyi, sai su ce ai 22 lafiya lau. Wannan ma'aunin na manya ne. Na yara yana canzawa da shekaru, shi ya sa ake da jadawalin girma, na mata daban na maza daban. A jadawalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2007 don 'yan shekara 5 zuwa 19, yarinya mai shekara tara cif tsaka-tsakinta wajen 16 ne. Layin da aka rubuta +1 yana kan 18.3, wanda ya haura shi nauyinsa ya yi yawa. Layin +2 yana kan 21.5, wanda ya haura shi likitoci suna kiransa ƙiba. Ke nan nas ɗin ba ta yi kuskure ba, 'yarki ta ɗan haura layi na biyu, kuma ya kamata a kai ta asibiti.

Abin da ya fi lambar 22 ɗin ɗaukar hankalina shi ne kilo takwas a shekara guda. Yaro mai waɗannan shekarun yakan ƙara wajen kilo uku ne a shekara. Awo ɗaya tilo ba ya da wani dogon bayani. Amfanin jadawali yana fitowa ne idan aka jera awo uku ko huɗu aka ga inda layin yaro ya dosa. Yaron da tun yana ƙarami yake bin layin sama a nitse, tsayinsa na tafiya tare da nauyinsa, daban yake da wanda yake tsakiya ya tsallake layi biyu cikin shekara ɗaya ko biyu. Don haka ki binciko tsohon katin rigakafinta mai awon jarirai, da duk wata takardar asibiti ko ta makaranta da aka taɓa rubuta nauyinta da tsayinta. Ki kuma zauna ki tuna abin da ya canza a shekarar nan. Kun sauya makaranta ta koma shiga mota? An ƙara mata lesin? An fara ba ta kuɗin tara? Ta yi wata rashin lafiya aka ɗora ta kan magani? Wannan ta ƙarshe ki riƙe ta da kyau. Magungunan sitiroyid irin su deksa da furednisolon, waɗanda wasu masu kemis ke bayarwa barkatai don tari ko ƙaiƙayi, suna sa ƙiba da kumburin fuska idan an daɗe ana sha. Haka ma sirof ɗin buɗe ciki da ake ba yara don su ci abinci. Ki tambayi surukarki Hajiya cikin ladabi ko akwai abin da take ba ta. Idan kuwa likita ne ya ɗora ta kan sitiroyid, kada ki tsayar da kanki, shi zai san yadda za a janye.

Akwai abin da ya kwantar min da hankali a lambobin. Santimita 136 ya ɗan ɗara tsaka-tsakin tsayin 'yan mata masu shekara tara. Yaron da ƙibarsa ta abinci da zama ce yawanci dogo ne a cikin sa'o'insa. Wanda likitoci suka fi zargin ciwon cikin jiki a kansa, kamar raunin halittar maƙogwaro da ake kira tayirod, shi ne wanda nauyi ke hawa amma tsayi ya tsaya. Wannan ma wani dalili ne na nemo tsayinta na bara.

Ga kuma lissafin da nake so ki riƙe, domin shi zai sauke miki nauyin da kika ɗora wa kanki. Yarinya mai shekara tara tana ƙara tsayin santimita biyar zuwa shida a shekara. A ce baɗi war haka ta kai 142, nauyinta kuma ya ƙaru da kilo biyu kacal ya zama 43. Awonta zai sauko zuwa 21.3, alhali layin +2 na 'yar shekara goma ya hau zuwa 22.6. Ta dawo ƙarƙashin layin ke nan ba tare da ta rage ko kilo ɗaya ba. Ga mafi yawan yara irinta abin da ake nema shi ne nauyin ya rage gudu, tsayi ya cim masa. Ramewa sai idan likita ya ga dalili, kuma a hannunsa. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a waya, da jiƙe-jiƙe, da sa yarinya azumin dole ko shan ruwan khal, duk ki nisance su. Yawancin irin shayin nan gudawa da fitsari suke sawa, ruwan jiki ke fita, ga yarinya kuma tana dab da balaga, lokacin da ƙashinta da jininta suka fi bukatar abinci.

Ki nemi ganin likitan yara cikin makonni biyu ko uku masu zuwa. Babban asibitin Kubwa yana kusa da ke, idan kuma ana bukatar ƙwararre kan sinadaran jiki za su iya tura ku Asibitin Ƙasa ko asibitin koyarwa na Gwagwalada. A sake auna ta ba takalmi, da kaya marasa nauyi, a ɗora a jadawalin mata da shekarunta har da watanni. A gwada hawan jini da abin ɗaurawa daidai damtsenta, don na manya yana ba da lamba ta ƙarya a hannun yaro. Saboda wuyan nan, likita zai iya neman gwajin sukari da na kitsen jini, musamman idan akwai masu ciwon sukari a danginki ko na babanta, don haka ki tambayo tun kafin ranar. Ki gaya masa idan tana minshari mai ƙarfi ko numfashinta na ɗaukewa a barci, ko tana yawan ciwon kai. Abu biyu ne ba sa jiran layi: idan ta fara ɗingishi ko kukan ciwon ƙugu, cinya ko gwiwa ba tare da ta faɗi ba, domin a yara masu nauyi kan ƙashin cinya yana iya zamewa, da kuma idan ƙishirwa da fitsari suka yi yawa, tana tashi da dare, ko ta fara ramewa haka kawai. Waɗannan a ranar za ki kai ta. Wata 'yar dabara kuma: ki riga ta shiga, ki roƙi likita ku yi maganar lambobi ba a gabanta ba. Ita abin da za ki ce mata, za a duba yadda take girma ne, kuma ki tafi da ƙanenta a auna shi shi ma.

A gida, dokar da zan ba ki guda ɗaya ce: duk abin da za a canza, na kowa ne. Tukunya ɗaya, faranti iri ɗaya. Siririn yaro ma lemon kwalba ba ya ƙara masa komai sai ruɓewar haƙori, don haka ba a cuce shi ba idan aka daina ajiye katan a firji. Ki fara da abin sha, a nan ne aka fi samun sauƙi kuma ba wanda zai kwana da yunwa. Kwalbar lemo ƙarama, mai santilita 35, tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara. Lemon kwali da ake sa wa yara a kwandon makaranta bai bambanta da shi sosai ba, ko da an zana 'ya'yan itace a jiki. Ki haɗa da shayin safe mai madara da garin cakulan da sukari cokali uku, da zoɓo ko kunun aya na saye bayan Islamiyya, ki ga abin da yarinya ke sha a yini ba ta ma san ta ci wani abu ba. Ruwa ya zama abin sha na kullum. Zoɓon ki haɗa da kanki da abarba da citta, sukari kaɗan. Na shayi ki riƙa rage rabin cokali duk mako, harshe yana sabawa. Lemo ya koma na ranar suna da biki da Sallah, kuma ranar ta sha nata kamar kowa, ba harara.

Abincin kansa ba sai kin sayo wani abu na kanti ba. Malmalar tuwo kamar dunƙulen hannunta, miya mai ganye ta wadata, a rage man da ke tasowa a kai. Ranar shinkafa a haɗa da wake da kabeji ko latas. Indomi ta koma sau ɗaya ko biyu a mako, da ƙwai da kayan lambu. A kwandon makaranta, maimakon biskit da cincin, dafaffen ƙwai ko alale ko gyaɗa, da ayaba ko yankan kankana ko gurji. Kwaɗon zogale da faten acca da dambu duk abincinmu ne, suna riƙe ciki. A ci sau uku a kan lokaci, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu, a zaune tare, talabijin a kashe. Idan ta ce a ƙara, kada ki ce "ya ishe ki". Ki ce ta sha ruwa ku ɗan taɓa hira, idan bayan minti goma sha biyar tana jin yunwa ki ƙara mata, ki fi yawaita miya da wake. Ke ce mai zaɓar abin da za a dafa da lokacin ci, ita kuma a bar ta ta koyi jin ƙoshinta. Biskit ɗin ma kada ya zama haramun. Ki sa masa rana, ki raba musu daidai ita da ƙanenta a fili.

Motsa jiki shi ne ya fi wuya a rayuwar Abuja, na sani. Yaro ya fita da duku-duku saboda cunkoson hanya, ya dawo ya wuce Islamiyya, ya dawo ga aikin gida, gidan kuma ba tsakar gida. Ana so yaro ya samu awa guda a yini yana wasan da zai sa shi haki, amma ba dole a haɗe ba. Idan Islamiyyar a unguwa take, ku taka da ƙafa. Igiyar tsalle ba ta da tsada, 'yar gala-gala alli kawai take so da ɗan fili a harabar gida. Ranar Asabar babansu ya kai su filin shaƙatawa na Mileniyom ko bakin tafkin Jabi su yi gudu. Kada dai a kira shi atisayen rage ƙiba, kuma kada a sa ta ita kaɗai tana zagaye gida ana kallo. Game da wasannin makaranta, ki tambaye ta a hankali me ya faru. Sau da yawa wani ne ya yi mata dariya, ko kayan wasan sun matse ta. Idan kaya ne, ki ɗinka mata wadatattu ba tare da sharhi ba. Idan tsokana ce, ki je ki ga malamar ajin a keɓe, ki kuma roƙi a daina auna yara a gaban juna. Barci ma yana cikin lissafi: 'yar shekara tara tana bukatar awa tara zuwa goma sha biyu, kuma ƙarancinsa yana ƙara yunwa da kwaɗayin zaƙi. Mai tashi ƙarfe biyar da rabi ya kamata takwas da rabi ta same ta a gado, waya na wajen ɗaki.

Sai maigida. Ban ɗauka mugunta ce ba, yawancin iyaye maza da haka suke nuna sabo, wasu kuma suna ganin tsokana za ta zaburar da yaro. Ba ta zaburarwa. Abin da masu bincike suka daɗe suna gani shi ne yaran da ake yi wa gorin jiki a gida sun fi faɗawa cin abinci a ɓoye da gudun wasa, nauyin kuma ya ƙaru. Ga 'ya mace, kalmar uba tana da nauyin da ta kowa ba ta da shi. Kada ki gyara masa a gaban yara. Ki bari sai kun keɓe, ransa a sake, ki nuna masa takardar nas, ki ce, "Abban yara, yarinyar nan ta daina wasa a makaranta, kuma na lura duk ranar da aka kira ta da sunan nan shiru take yi. Maganarka ta fi tawa tasiri a wurinta, ina so ka taya ni." Ki ba shi aiki a hannu, fitar Asabar ta zama tasa, kuma idan zai yiwu ya raka ku asibiti ya ji daga bakin likita. Idan ya ce ai wasa ne, kada ki ja, ki roƙe shi ya ajiye sunan wata guda ya ga bambanci. Ƙanen ma a hana shi, da duk baƙon da zai shigo ya ce "kai, wannan me kuke ba ta?" Amsarki a gabanta ta zama gajera: "Lafiyarta ƙalau, girma take yi," ki sauya zance.

Hajiya kuwa tana da gaskiyarta. Ta taso a zamanin da ramammen yaro shi ne abin tsoro, kuma gado yana da hannu a jikin mutum, wannan ba ƙarya ba ne. Sai dai gidan da ake gadon jiki sau da yawa ana gadon sukari da hawan jini, kuma ta nan za a shigo mata. Ɗanta ne ya fi dacewa ya yi maganar, ke ki tsaya a gefe. Kada a ce mata ta daina ba jikarta abu, don ba za ta daina ba, kuma za ta ji an raba ta da yarinyar. A canza abin da ke hannunta: a ajiye mata gwanda da lemon ɓawo da gyaɗa a ɗakinta, a ce likita ya ce waɗannan ne za su ƙara wa yarinya lafiya, kuma ita aka damƙa wa. Ki roƙe ta ta koya wa jikar kwaɗo da dambu irin na da. Idan duk da haka ta ci gaba da ɗan ba ta alewa, ki kau da kai. Abin da kike iko da shi, wato cefane da tukunya da kwandon makaranta, ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ke ma ki lura da bakinki a kan naki jikin. Idan tana jin kina cewa kin yi tumbi, kin zama kaza, tana ɗauka. Ki yabe ta a kan haddarta, da rubutunta, da yadda take kula da ƙanenta, kuma idan ta tambaye ki kai tsaye, "Mama, ni ƙatuwa ce?", kada ki ce a'a, don ta san abin da take gani a madubi, kada kuma ki ce e ki yi shiru. Ki ce jikin mutane iri-iri ne, nata yana girma da sauri yanzu, kuma duk gidan za ku riƙa cin abin da zai ƙara muku ƙarfi. Idan kika ga ta fara ƙin cin abinci, ko tana shiga banɗaki ta yi amai bayan ci, ko ta daina son zuwa makaranta, ki gaya wa likita da wuri, wannan ya fi kilo gaggawa.

Kada ki sayi sikeli ki ajiye a gida. Awo duk wata uku a asibiti ya wadatar, nauyi da tsayi tare, a sikeli ɗaya, ki rubuta a littafinki da kwanan wata. Idan bayan wata uku nauyin ya tsaya ko ya ƙaru da abin da bai kai kilo ɗaya ba, tsayi kuma ya motsa, kuna kan hanya, ku ci gaba. Idan bayan wata shida har yanzu tana ƙara fiye da rabin kilo duk wata, ko tsayin bai motsa ba, ki koma wurin likita da littafin, ki nemi a haɗa ku da masanin abinci na asibitin, a kuma sake duba ko akwai wani dalili a cikin jiki.